Albasa ta ruɓe a hanya, asarar wa ce?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗan Goronyo ne, ina sana'ar albasa. Na aika wa wani abokin cinikina, mutumin Bauci da ke zaune a Fatakwal, buhu 80. Ya ba ni rabin kuɗi tun kafin a yi lodi, a kan zai cika idan kaya suka sauka. Da suka isa sai ya bugo waya ya ce buhu 30 sun ruɓe, don haka ba zai ƙara mini ko kwabo ba sai mun zauna. Ni kuwa wallahi lafiyayyar albasa na ɗora. Shekara shida muna hulɗa. 'Yan'uwana sun ce in haɗa shi da 'yan sanda. Me kuke gani?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, Allah ya mayar da alheri. Ka ajiye maganar 'yan sanda a gefe tukuna, zan gaya maka dalili a gaba. Akwai wani labari da 'yan albasa ke bayarwa, na mutumin Aliero da wani Bazazzagi, wanda nake so ka fara ji, domin yadda aka raba musu gardama shi ne abin da kake bukata.

Mutumin Aliero ya ɗora wa Bazazzagin nan, mai rumfa a kasuwar Mil 12 ta Legas, buhu 200 a cikin watan Afrilu. Sun yi ciniki a kan naira 30,000 kowane buhu, jimla naira miliyan 6, an ba da miliyan 3 kafin alƙalami, saura sai kaya sun sauka. Bazazzagi ne ya turo direba, wani da ya saba ɗauko masa kaya yana yi masa rangwame. Mota ta tashi ta bi ta Jega, Koko, Yawuri, Kwantagora, tana zuwa kusa da Mokwa ta lalace, ta kwana biyu a gefen titi. Ka san Afrilu: a Kebbi ƙasa ƙamas take, rana kamar ta fasa kai, amma daga Neja zuwa Ilori sama ta riga ta fara zuba. Ruwa ya same su a tsaye.

Ranar da aka buɗe mota a Legas, wari ne ya fara yi wa mutane sallama. Bazazzagi ya sa aka ware buhu 60 da suka yi alama, aka jibge su gefe guda, ya ɗauki waya ya zazzaga wa mutumin Aliero maganar da ba ta faɗuwa a nan. Ya ce an loda masa shara, an mai da shi baƙo a sana'ar da ya gada. Shi kuma ya ce albasarsa ba ta taɓa dawowa ba, a je a tambayi direba inda ya kwana da ita. Kowa ya kashe waya. Buhu 60 ɗin nan suka yi kwana biyu a jibge ba wanda ya taɓa su, domin Bazazzagi ya rantse ba zai kwance ko ɗaya ba sai mai kaya ya zo ya gani da idonsa.

Mai kaya ya hau motar dare ya zo. Aka kai magana gaban shugaban 'yan albasa na kasuwar, wani dattijo da ya tsufa a cikin harkar. Kowannensu ya zo da rantsuwa a baki, dattijo ya ce su adana ta, ba a kai nan ba. Ya ce a kawo wuƙa da tabarma, a kira 'yan dakon da suka sauke motar.

Ya sa aka zazzage buhu guda, ya ɗauki albasa wadda a ido ba ta da laifi, ɓawonta ja, a bushe. Ya danna wuyanta da babban yatsa, wurin ya lotsa, ruwa ya tsattsafo. Ya tsaga ta daga wuya zuwa gindi, sai ga ruɓa ta bi tsakiya ta sauka, zuciyar ta yi baƙi-baƙi ta narke, alhali zoben waje fari tas. Ya sa aka zazzage wani buhun daban. Wannan kuwa buhun kansa da tabon ruwa a jiki, ɓawon albasar ya jiƙe ya saluɓe, baƙin ƙura ya kwanta a ƙarƙashinsa, wasu har sun fara fito da fararen saiwoyi. Da ya tsaga, waje ne ya lalace, zuciyar garau.

Ya dubi mutanen biyu ya ce ciwo biyu ne a nan, ba ɗaya ba. Wadda ta ruɓe daga ciki, daga gona ta zo da abinta. Albasar da aka yi ta ba ruwa har dab da cira, ko aka ɗura mata takin yuriya a ƙarshe, wuyanta kauri yake yi. Idan aka yanke lawashi tun yana ɗanye, aka zuba a buhu ba a bari wuyan ya bushe ya rufe ba, to an bar wa cuta ƙofa a buɗe, kuma zafin cikin mota sai dai ya hanzarta abin da ya riga ya fara. Wadda ta ruɓe daga waje kuwa lafiya ta hau mota, ruwa da gumin tamfol suka kashe ta.

Sai ya ce a duba alamar buhuna. Mutumin Aliero wurin manoma uku ya haɗa kayan, kuma kamar yadda aka saba, kowane kashi da alamarsa a jikin buhu. Da aka jera, buhu 40 masu ruɓar ciki duk alama ɗaya ce a jikinsu, kuma 'yan dako suka ce ko'ina aka ciro su, gaba, tsakiya, baya, sama da ƙasa. Sauran 20 masu jiƙa kuwa alamominsu a gauraye suke, na dukkan manoman uku, amma duk daga wuri ɗaya aka sauke su: layin sama na bayan mota, daidai inda tamfol ya yage.

Wannan shi ne ma'aunin da nake so ka riƙe, Malam. Idan ɓarna ta bi alamar buhu, ta tsallake maƙwabcinsa da ke manne da shi, to daga tushe take. Idan ta bi wurin da buhu ya kwanta a mota ba ruwanta da alama, to ta hanya ce. Na ƙasa da nauyi ya murƙushe, na tsakiya da suka rasa iska suka dahu, na sama da ruwa ya daka, duk na hanya ne.

Mutumin Aliero ya yi shiru. Can ya ce wannan kashin yaronsa ne ya saya da yamma, farashi na tashi, an riga an ɗinke buhuna, shi bai sa an kwance ba. Ya ce amma Allah ya sani bai san da aibu ba. Dattijo ya ce ba wanda ya kira shi maha'inci. Da ya sani ya ɓoye, da wata magana ake yi, maganar algus. Amma rashin sani zunubi yake ɗaukewa, ba ya ɗauke biya, domin lafiyayyar albasa aka saya a hannunsa, kuma aibun ya girmi cinikin.

Bazazzagi ya fara murmushi, dattijo ya juyo kansa. Ya tambaye shi wa ya kawo direba. Ya ce shi ne. Wa ya ƙirga buhuna a Aliero ya karɓa? Direban da yaron motarsa. Dattijo ya ce to tun daga wannan lokaci kaya sun shiga hannunka, abin da ruwa ya yi musu a Mokwa ba na mai sayarwa ba ne, tsakaninka da direbanka ne. Sannan ya ce kwana biyun da aka bar albasa a jibge cikin zafin Legas don fushi, wannan ma da kuɗinsa. Ruɓaɓɓiya ɗaya tana jiƙa na kusa da ita, kowane ɗan albasa ya san haka. Ya ce in ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Aka sa yara suka tsince. A cikin buhu 40 na farko aka fitar da 16 masu kyau, 24 suka tafi bola. A cikin 20 na biyu aka fitar da 9, aka rasa 11. Kenan buhu 60 da aka yi ta ihu a kansu a waya, asarar gaskiya 35 ce. Dattijo da wasu mutum biyu da suka ga kayan ranar sauka suka ƙiyasta cewa da an tsince tun a ranar, da an ceci kamar buhu 4 daga cikin 24 ɗin nan, sai aka ɗora wa Bazazzagi su. Aka bar wa mutumin Aliero 20.

Nan wata gardamar ta taso, kuma ita ce ta fi cin lokaci. Bazazzagi ya ce a lissafa masa buhu 20 ɗin a farashin Legas, domin a ranar naira 45,000 ake sayar da buhu. Dattijo ya ƙi. Ya ce abin da ka biya shi ake mayar maka, ba ribar da ka ƙudura a zuci ba, domin da kasuwa ta faɗi kafin mota ta iso ai ba za ka ce a biya ka da farashin faɗuwa ba. Buhu 20 a kan 30,000, naira 600,000. Sai Bazazzagi ya kawo kuɗin mota: ya biya 4,000 a kan kowane buhu don a kawo masa abin da ya ƙare a bola, naira 80,000 kenan. A nan dattijo bai yanke ba, ya roƙe su su raba biyu, suka yarda. Aka cire 640,000 daga cikin miliyan 3, ya rage naira 2,360,000. Bazazzagi ya biya miliyan ɗaya da rabi a wurin, sauran aka sa masa mako biyu, aka rubuta a takarda, shaidu biyu suka sa hannu. Direba kuma, da aka nuna masa yagaggen tamfol ɗinsa, ya bar naira 100,000 daga cikon kuɗin motarsa. Bai kai kuɗin buhu 11 ba, amma lalacewar mota da saukar ruwa ba shi ya kira su ba, tamfol ɗin kaɗai ne sakacinsa. Mutumin Aliero ya koma gida da wasu daga buhunan nan masu alama ɗaya a ƙunshe, don ya nuna wa manomin da ya sayar wa yaronsa. An ce mako uku bayan haka ya sake ɗora wa Bazazzagi wata motar.

To, mu dawo kanka.

Abu na farko da za ka tsayar, kai kaɗai kafin ka kira kowa, shi ne wane irin ciniki kuka ƙulla. Mutane da yawa suna shekaru suna hulɗa ba su taɓa furta wannan ba, sai ranar asara kowa ya tuna abin da ya fi masa daɗi. Idan sayar masa ka yi a Goronyo, shi ya turo mota ko wakilinsa ya ƙirga ya karɓa, to ɓarnar hanya tasa ce, taka ita ce wadda albasa ta taso da ita. Malamanmu na Malikiyya sun ce kayan da ake sayarwa da awo ko ƙirga suna wuyan mai sayarwa har sai an auna ko an ƙirga mai saye ya karɓa, daga nan su koma wuyansa. Idan kuwa cewa kuka yi kai za ka kai masa har Fatakwal, kai ka nemo mota, farashin ma har da kuɗin motar a ciki, to sai ka shirya, domin hanya taka ce har zuwa inda aka sauke. Akwai kuma na uku: idan aika masa ka yi ya sayar maka ya ɗauki la'ada, rabin da ya ba ka tamkar rance ne a kan kaya, to dillali ne, amana ce a hannunsa, ba ya biyan abin da ya lalace sai in an tabbatar ya yi sakaci. A wannan halin asarar duka taka ce, komai zafinta. Yadda ka ba da labari ya fi kama da sayarwa, amma ba ka ce wa ya kawo direba ba, kuma rabin shari'arku a nan take.

Rantsuwar da ka yi cewa lafiyayya ka ɗora, na yarda har zuciyarka haka ka sani. Amma ka tambayi kanka: buhu 80 ɗin nan daga gonarka suke, ko haɗawa ka yi? Kowane kashi ka sa an zazzage a gabanka? Kwana nawa ta yi a shanye bayan cira? Ta rani ce da ta bushe, ko sabuwar ta damina ce mai ruwa a jiki, wadda ko a rumfa ba ta jure ajiya, balle tafiyar Sakkwato zuwa Fatakwal? Albasa mai ruɓar wuya tana yaudarar ido ranar lodi. Mai gaskiya ma yana ɗora ta.

Shi ma abokinka akwai abin da ke kansa. Ya amsa cewa ya karɓi kaya, ya amsa cewa akwai ciko, shi ne kuma yake da'awar aibu, don haka shi zai kawo hujja. Ka kira shi da murya mai sanyi, ka ce ka yarda a zauna, ka roƙe shi abu uku: hoto ko bidiyon ranar sauka in ya ɗauka, buhunan da aka zazzage don a ga alamarsu, da sunan mutanen kasuwa da suka ga kayan. Ka kuma nemi lambar direba ka ji kwana nawa ya yi a hanya, ina ya tsaya, ruwa ya same shi ko bai same shi ba. Idan har yanzu akwai ragowar albasar a ƙasa, kada ka jira gobe. Ka tafi, ko ka wakilta wani ɗan garinku da ke can wanda ya san albasa, a tsaga a gabansa. Hujjar wannan sana'a kwana kaɗan take yi ta zama taki.

Kada kuma ka karɓi "buhu 30 sun ruɓe" a dunƙule. Ka tambaye shi nawa aka fitar bayan tsincewa, nawa aka sayar wa masu abinci a karye, nawa aka zubar. Da wuya buhu ya tafi gaba ɗaya. Abin da aka ceto da abin da aka sayar da araha duk sai sun shiga lissafi kafin a ce ga asara.

Ga kuma inda nake ganin bai kyauta ba ko da duk abin da ya faɗa gaskiya ne. Ya biya kuɗin buhu 40, saura 40. Ko an ce 30 ɗin nan sun tafi ƙurmus kuma duk a wuyanka, akwai kuɗin buhu 10 da ba gardama a kansu. Riƙe su ba shi da dalili. Ka nemi ya turo su yanzu, kafin zama, kuma ka faɗa a fili, a saƙon da za ka iya ajiyewa, cewa karɓar wannan ba yafe sauran ba ne. Yadda ya amsa wannan buƙata zai nuna maka da wa kake magana. Wanda asara ta gigita yakan turo, ko ya ce ka ba shi kwana kaza. Wanda yake neman hanyar cinyewa sai ya fara kewaye-kewaye.

Wurin zama kuwa, ka fi samun adalci a gaban shugabannin 'yan albasa na kasuwar da aka sauke kayan, domin su suka gani, kuma shi yana jin nauyinsu, gobe a cikinsu zai buɗe rumfa. Na san za ka ce ai mutanensa ne. Shi ya sa za ka sa shugaban 'yan albasa na wajenku ya kira takwaransa tukuna, ka kuma je da mutum ɗaya naka. Kasuwar can tana bukatar kayan Goronyo, ba za su so a ce ana cinye wa masu aiko kaya kuɗi a wurinsu ba. Ka shiga da sanin cewa a sulhu ba a tashi da duka. Idan hujja ta ɓace, ba bidiyo, ba buhu, ba wanda zai iya cewa ta ciki ce ko ta waje, yawanci raba asarar ake yi, kuma a ganina karɓar rabi a irin wannan hali ba faɗuwa ba ce. Abin da ba zan ba ka shawarar karɓa ba shi ne a lissafa maka asara da farashin Fatakwal, ko a tashi ba a rubuta adadi da ranar biya ba.

Maganar 'yan sanda: Dokar 'Yan Sanda ta 2020, sashe na 32, ta hana kama mutum don kawai bashi ko saɓa yarjejeniyar ciniki. Mutumin da ya biya rabi, ya karɓi kaya, ya ce a zo a zauna, ba ɗan damfara ba ne a idon doka. Idan ka sa aka tsare shi, kana iya wayar gari shi ne ke ƙararka, ga kuɗin zirga-zirga, ga shi duk wanda ke karɓar kaya a kasuwar zai ji cewa kai ne mai kawo 'yan sanda a kan ruɓaɓɓiyar albasa. Idan sulhu ya ƙi, ya ƙi biyan ko na buhu 10 ɗin, ya ƙi zuwa gaban shugabanni, to kotu ce wurin zuwa, ƙarar neman bashi. Don haka tun yau ka adana shaidar kuɗin da ya turo ta banki, da saƙonnin murya na WhatsApp inda kuka yi ciniki da inda ya amsa cewa kaya sun iso, da sunan waɗanda suka yi lodi. Kafin ka shigar, ka lissafa kuɗin mota zuwa inda za a yi shari'ar sau uku ko huɗu, da na lauya, ka gwada da abin da kake bi.

Idan Allah ya sa kun daidaita kuka ci gaba, lodi na gaba ka tura masa saƙo kafin mota ta tashi, ya amsa da bakinsa: buhu nawa, nawa-nawa, wa ya kawo direba, a ina kaya suke fita daga wuyanka. Ka sa wa kowane kashi alamarsa, ka zazzage buhu biyu ko uku daga kowanne ka tsaga a gaban direba ana ɗauka a waya, ka duba tamfol da kanka. Ku kuma yarda cewa duk ƙorafin da zai yi, ya yi shi ranar sauka, da shaidu biyu, kuma a tsince a ranar ba tare da jiran isowarka ba.